Ango Ya Tare, Mai Hoto Yana Bin Bashi

Na san ku sarai, ƙannena masu rataye kyamara a wuya. Tun ba ku gama karanta kanun nan ba wani ya riga ya taɓe baki, yana cewa ga wani kuma zai koya mana sana'armu. Ka kwantar da hankalinka, ba zan koya maka riƙe kyamara ba, ka fi ni iya durƙusawa a gaban amarya. Tambaya ɗaya tak zan yi maka. Kuɗin da ka yanka wa mutane a bikin makon jiya, daga ina ka samo shi? Idan amsarka ita ce haka ake yi a layinmu, to zauna, da kai nake. Shi ma na kusa da kai da ka kwaikwaya, kai ya kwaikwaya. Kun yi shekaru kuna leƙen farashin juna, babu ko ɗaya a cikinku da ya taɓa ɗaukar biro.

Ga wani can yana cewa arziki na Allah ne, lissafi ba ya kawo kasuwa. Gaskiyarka, malam, ban musa ba. Sai dai mai shinkafa a Dawanau shi ma ya san arziki na Allah ne, amma bai taɓa sayar da buhu ƙasa da yadda ya saro ba don kawai mai saye ya yi masa murmushi. Bambancinku da shi ɗaya ne: shi ya san nawa ya saro, kai ba ka sani ba. Bari mu nemo maka.

Mu ɗauki mai ɗaukar hoto da bidiyon biki a Kano, yana da mata da 'ya'ya, babu albashin kowa a kansa. Alƙaluman da zan kawo misali ne, kowa ya goge ya sa nasa. A ce gidansa yana cin naira 300,000 a wata idan an haɗa cefane da kuɗin makaranta da asibiti da rabon hayar gida. A shekara ya zama 3,600,000. Wannan shi ne albashinsa, kuma shi ne abin da kusan kowa ke tsallakewa, don a ganinsa abin da ya rage a aljihu bayan biki shi ne riba. Sai kayan aiki. Kyamara da gilasanta da fitilu da kwamfutar tace bidiyo, a ce sun tashi naira miliyan 3, kuma a irin ƙurarmu da zafinmu da wutar da ke zuwa yadda ta ga dama, shekara 3 za su yi kafin su fara neman canji. Ke nan kowace shekara kayan suna cin miliyan 1, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ƙara hayar shago da data da man janareta da gyare-gyare, a ce 600,000 a shekara. Jimilla 5,200,000. Wannan kuɗin ne dole bukukuwan shekara su biya kafin a ce mutum ya ci riba ko ta sisi.

Yanzu sai mu raba. Na ji wani mai saurin lissafi ya ce mako 52 ne a shekara, a raba da 52. Sannu da ƙoƙari, ɗalibi. Wa ya taɓa yin biki 52 a shekara? Cire watan azumi, da ba a cika kai amarya ba. Cire tsakiyar damina, lokacin da masu biki ke ja da baya. Cire makon da zazzaɓi ya kwantar da kai, da wanda aka ɗage bikin saboda rasuwa, da wanda kawai wayarka ba ta yi ƙara ba. Kuma kada ka manta biki guda ba kwana biyu ba ne a wurinka. Kamu da dina kwana biyu ne a idon jama'a, amma kai akwai kwana uku ko huɗu da za ka yi a gaban kwamfuta kana tacewa, kana goge gumin ango, kana neman inda uwar amarya ta yi dariya. Saboda haka ko ana rububinka, da ƙyar ka wuce biki ɗaya a mako. Mu ce 26 a shekara, rabin makonnin ke nan. Idan ka raba 5,200,000 gida 26, kowane biki ya ɗauki 200,000.

Ba mu gama ba, kada ka tashi. Wannan 200,000 ɗin kason gida da kaya ne kawai. Shi kansa bikin yana da nasa ci: yaron da zai riƙe maka fitila da kyamara ta biyu na kwana biyu, a ce 30,000, mota zuwa gidan amarya da wurin dina da komawa gida ƙarfe ɗayan dare, 20,000, albam da filashi, 40,000, hayar ƙarin fitila, 10,000. Wannan 100,000 ke nan da za ta fita daga hannunka ko ka so ko ka ƙi. Ashe ƙasan farashinka 300,000 ne. Ka lura, ƙasa na ce. Daga nan ake fara hawa, ba a saukowa.

To ga abokinmu da ke karɓar 150,000 yana murna wai ya ƙwace kasuwa. Cire 100,000 na hidimar bikin, saura 50,000. Sau 26 ya ba shi 1,300,000 a shekara. Kayan aiki da shago kaɗai suna bukatar 1,600,000. Wato bawan Allahn nan yana cika naira 300,000 daga aljihunsa duk shekara don a bar shi ya halarci bikin mutanen da bai sani ba, kuma ko shinkafar dinar ba ya samun zama ya ci. Za ka ce to ai ga shi yana raye, yana cefane, har ya sai sabuwar shadda. Haka ne. Kyamarar yake ci, kamar manomin da ya dafa irin shukarsa: cikin ya cika yau, sai damina ta faɗi a gane. Alamar wannan ciwo a fili take. Ranar da kyamara ta tsaya, ko kwamfuta ta ƙi tashi, sai ka ga mutum yana zagaya 'yan'uwa neman rance, alhali shekara uku yana aiki babu hutu.

Na ji ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, kuma ba zan yi masa dariya ba. Wani ya ce a unguwarsu babu mai biyan 300,000, idan ya faɗa ma sai a ce ya haukace. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma maganin shi ne ka rage aikin kafin ka taɓa farashi. Mai 150,000 a ba shi na 150,000: wuni ɗaya, kyamara ɗaya, babu albam, bidiyo gajere a filashi. Hidimarsa ba za ta wuce 45,000 ba, kuma kwana biyu zuwa uku zai ci maka maimakon shida, don haka kason gida da kaya ya sauko zuwa 100,000, lissafi ya fita. Sauran kwanakin makon ka cika su da suna, da saukar Alƙur'ani, da bikin yaye ɗalibai, da hoton kayan masu sayar da atamfa a waya. Abin da ke kashe mutane shi ne su karɓi kuɗin wuni ɗaya su yi aikin kwana shida don kunya. Idan kuma ka juya lissafin ta kowace fuska ya ƙi fita, to kasuwar unguwarku ta gaya maka wannan sana'a ba za ta riƙe gida ita kaɗai ba, gara ka ji daga bakin biro da ka ji daga bakin mai gidan haya.

Ashe har da Alhaji uban amarya a cikin masu karatu. Ranka ya daɗe, na ga kana girgiza kai, kana cewa yaran nan sun lalace, danna maɓalli kawai sai a ce dubu ɗari uku. Allah ya ƙara girma, Alhaji. Gadon da ka saya wa amarya, kafinta bai ba ka shi bashi ba. Mai wurin dina bai buɗe ƙofa ba sai da ya ga kuɗinsa cif. Mai girki ta karɓi nata tun kafin ta ɗora tukunya. Mutum ɗaya ne a duk hidimar nan ake ce wa bari a gama biki, kuma shi ne wanda aikinsa zai rage a gidan bayan an cinye abinci an kwashe kujeru.

Wannan bari a gama biki ita ce ramin da ya fi cinye mai hoto, kuma ba don mutane mugaye ba ne. Lissafi ne kawai. Kafin biki akwai kuɗi a hannu, ga gudummawa tana shigowa. Bayan biki ango ya riga ya yi lefe, ya biya sadaki, ya kama haya. Gidan amarya sun yi kayan ɗaki, ga gara tana jiransu. Aljihun kowa ya bushe, kuma ɗokin ganin hoto ya ragu, tunda ƙawaye sun riga sun cika waya da nasu. Kai da ka zo a ƙarshen layi, sai dai a ba ka haƙuri. Don haka kafin alƙalami ba rashin yarda ba ne. A kan aikin 300,000 ka karɓi kashi 60 cikin ɗari, wato 180,000, kuma ranar ba ta zama tasu ba sai kuɗin sun shiga. Dalilin wannan adadi shi ne ya rufe hidimar 100,000 ya bar maka wani abu, ta yadda ko ciko ya maƙale ba ka yi aikin da kuɗinka ba. Sannan shiga na ce. Saƙon alat da hoton rasit da aka turo maka a WhatsApp ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsu. Buɗe manhajar bankinka ka ga adadin ya ƙaru da idonka. Cikon 120,000 kuma a biya kafin ka miƙa aiki. Ka tura musu hotuna biyar ko shida da tambarinka a tsakiya su ga an gama, amma filashi da albam suna cikin durowarka. Ranar da ka miƙa su a kan alkawari, ka koma mai roƙo.

Duk wannan a rubuta, ko a saƙo guda ne: ranaku, wurare, ƙarfe nawa za ka zo ƙarfe nawa za ka tashi, me za ka miƙa, yaushe, gyara sau nawa. Sau biyu ya isa, abin da ya wuce haka da kuɗinsa, in ba haka ba ƙanwar amarya za ta sa ka cire wata ƙawa da suka ɓata bayan biki, sannan ta sa ka mayar da ita bayan sun shirya. A rubuta sunan mutum ɗaya da zai biya. Idan aka ce maka rabi daga wajen ango rabi daga wajen amarya, ka ce su haɗa a tsakaninsu su turo ta hannu guda, domin rabin da aka raba wa gida biyu kowa zai ce na ɗayan ne. Kuma ka sa wa farashinka wa'adi, mako biyu ya wadatar. Wanda ya yanka farashi a farkon Mayun 2023 don bikin Yuli ya san dalili: ranar 29 ga watan aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin motar da ya lissafa ya zama tarihi.

Malam ya ɗaga hannu, yana tambaya idan an fasa bikin, halal ne a cinye kafin alƙalamin mutane? Tambaya ce mai kyau, Allah gafarta malam, kuma malamai sun saɓa a kanta. Hambalawa sun yarda a riƙe, Malikiyya da muka taso a cikinta ba su yarda ba. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a yi sharaɗi tun farko: idan ɗagewa aka yi, kuɗin ya koma sabuwar rana matuƙar ba ka da wani aiki a ranar, idan fasawa aka yi, a cire abin da ka riga ka kashe da aikin da ka riga ka yi, kamar hoton kafin biki, a mayar da saura. Amma wannan yana nufin kuɗin yana nan ba ka taɓa shi ba. Kafin alƙalamin bikin wata mai zuwa amana ce har sai ka yi aikin, ba kuɗin cefanen yau ba ne.

Akwai kuma waɗanda tun daga sallama ya kamata ka gane ba naka ba ne. Wanda ya fara da ai mun zama ɗaya kafin ya faɗi ranar biki. Wadda ta ce manyan mutane za su zo, za ta tallata ka, kamar mai shago zai ba ka taliya da talla. Wanda ya shafe minti goma yana zagin mai hoton da ya yi musu na yayar amarya. Ka saurara da kyau, domin badi kai ne a bakinsa, kuma sau da yawa in ka bincika rigimar a kan ciko ce. Sai ɗan siyasa, Allah ya ba mu alherinsa. Shi nasa ba kashi 60 ba ne, duka ne, kuma kafin a kaɗa ƙuri'a. Idan ya faɗi ba ya ɗaga waya, idan ya ci ba za ka wuce 'yan sandan ƙofar gidansa ba.

To ta yaya za a ƙi mutum ba a ɓata ba, in ji wani mai kunya. Kai ɗan kasuwa ne, ka yi abin da 'yan kasuwa ke yi. Ka ce albarka, yallaɓai, a wannan kuɗin ga abin da zan iya yi, ka karanta masa ƙaramin tsarin. Idan ya ce shi babban yake so a kuɗin ƙarami, ka yi masa fatan alheri, Allah ya sanya albarka a auren, ka yi shiru. Shirun nan ne ke gagarar mutane. Sai ka ji mai hoto ya faɗi farashi, kafin mai biki ya buɗe baki shi da kansa ya ce amma za a iya ragewa. Wa ya tambaye ka? Kuma kada ka yi ƙaryar cewa ranar a cike take, garin ƙarami ne, za a gan ka a majalisa kana shan shayi. Dangi su ne suka fi wuya, na yarda. Ra'ayina a kansu biyu ne babu na uku: ko ka ce wannan gudummawata ce, ku dai biya kuɗin mota da albam, kowa ya san kyauta ka yi a gode maka, ko a biya cikakke. Rabin farashi shi ne mafi muni, don kai kana ganin ka yi alheri, su suna ganin sun biya, kowa ya tashi da ƙorafi. Ka ƙayyade irin wannan kyauta biyu a shekara, kuma kada ka ƙirga su cikin 26 ɗin nan.

Saura maganar watan da babu aiki, wadda kowa ke yi kamar ba-zata ce alhali kalanda ta faɗa tun bara. Rajab da Sha'aban ana rige-rigen kai amare kafin azumi, sai kasuwa ta kwanta, ta sake tashi bayan Sallah. Kuma tunda shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, lokacin yana matsowa: azumin 2024 a Maris ya kama, na 2026 a Fabrairu. Wanda ke lissafi da watannin Bature kaɗai zai riƙa shan mamaki duk shekara.

A ce a Sha'aban ka yi biki huɗu. Bayan hidima, 800,000 ta rage a hannunka, nan take ka ji kanka ya yi girma, ka fara tambayar kuɗin sabuwar waya a Farm Centre. Tsaya. A kowace 200,000, kusan 40,000 na kyamara ne, kusan 23,000 na shago da data da mai, abin da ya rage, wajen 137,000, shi ne na gida. Sau huɗu ya kusa 550,000. Ɗauki albashinka na 300,000 a rana ɗaya tsayayya, kamar ma'aikacin gwamnati amma ba tare da jiran a biya ba, ka bar wajen 250,000 a inda suke. Su ne cefanen azumi. Wannan ba ya yiwuwa idan duk kuɗin suna asusu guda da katin cirewa a aljihunka, don ido ba ya bambance naira ta kyamara da ta tsire. Asusu biyu aƙalla: wanda masu biki ke turawa, da wanda kake ci daga ciki. Mai gudun kuɗin ruwa ga bankuna irin su Jaiz da TAJ, uzuri ya ƙare. Burin shi ne a hankali asusun farko ya tara albashin wata uku, 900,000 a misalinmu, kuma hakan zai ɗauki fiye da shekara, kada wani ya ce na ce gobe.

Kuɗin kyamara kuwa yana da nasa ciwon. Kaya daga waje suke zuwa, da dala ake saro su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tara naira yana jiran ta cika ya sayi kyamara ya tarar kyamarar ta yi gaba ta bar shi. Saboda haka duk shekara ka sake tambayar nawa kayanka suke a yau, ka lissafa kason da farashin yau, ka manta da yadda ka saya. Kuma kason nan kada ya daɗe yana kwance a naira: ko ka riƙa mayar da shi kaya kaɗan-kaɗan, batir yau, gilashi bayan wata uku, ko ka bi ta Wapa ka canza shi.

Na ga Hajiya uwar adashi tana harara ta, wai na manta da ita. Ban manta ba, Hajiya, ina tsoronki ne. Adashi yana da amfani ga mai aikin kansa, don yana tilasta tari, amma zubi ba ya sanin azumi ya kama. Matsalar ƙannen nan naki ita ce a Sha'aban suke shiga, aljihu cike, su ce za su iya 100,000 a wata, sai watan da babu biki ya zo su fara ɓuya idan sun hango ki, ko su taɓa kafin alƙalamin mutane su zuba. Wanda zai shiga ya auna zubinsa da watan da ya fi kowanne bushewa, ko da 20,000 ne, kuma ya roƙe ki ki sa masa ɗauka a watan da hayar shagonsa ke cika. Idan ya zo yana neman ɗaukar farko wai zai ƙaro jirgin ɗaukar hoto daga sama, ki tambaye shi biki nawa aka taɓa biyansa ƙarin kuɗi saboda jirgin. Idan ya fara sosa ƙeya, ki sa shi na ƙarshe.